Kujera Tana Ƙirguwa, Kayan Ɗaki Ba Su Ƙirguwa: Nazarin Wani Tuntuɓe a Koyon Turanci

Duk wanda ya taɓa duba takardun insha'in Turanci na 'yan sakandare ya san kalmomin nan uku: *informations*, *advices* da *furnitures*. Malami ya ja musu jan layi a zangon farko, su dawo a zango na biyu. Yaron ya gama makaranta, ya kama aiki, ya rubuta su a wasiƙar ofis, wani ma ya rubuta ta ukun da fenti a allon shagonsa na kafinta. Kuskuren da ya jure wa jan biro shekara da shekaru haka ba sakaci ne kaɗai ya haife shi ba. A ganina tushensa yana cikin bayanin da mu malamai muke yi tun daga firamare.

Abin da muke faɗa wa yara shi ne, sunaye a Turanci iri biyu ne: na abubuwan da ake iya ƙirgawa, da na abubuwan da ba a iya ƙirgawa. Sai mu kawo misalin ruwa da yashi da madara. Yaro ya gamsu, don kuwa ba wanda zai zauna ƙirga ruwa. Daga nan sai mu cusa *furniture* cikin wannan rukuni, alhali yaron yana zaune a kan benci, gabansa tebur, kuma jiya-jiya ya ga an sauke kayan ɗakin yayarsa daga mota: gado ɗaya, kujeru huɗu, madubi ɗaya. Da idonsa ya ƙirga su. In ka ce masa ba a iya ƙirga su, ko dai ya haddace maganarka don jarrabawa ya watsar bayanta, ko ya bi abin da hankalinsa ya nuna masa ya liƙa wa kalmar harafin jam'i. Yawanci na biyun yake yi, kuma tunaninsa daidai ne. Ƙa'idar ce aka ba shi a karkace.

Masanin nahawu ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, ya yi bayanin wannan rukuni na sunaye a littafinsa na falsafar nahawu na 1924, kuma tun lokacin masana suke ta nuna cewa rabon yana cikin kalma, ba cikin abin da kalmar take nufi ba. Hujja mafi sauƙi ita ce a jera kalmomi biyu masu ma'ana kusan ɗaya. Bature yana cewa *three suggestions* amma ba ya cewa *three advices*. Yana cewa *two facts*, ba ya cewa *two informations*. Kalmar *job* tana karɓar jam'i, *work* a ma'anar aikin yi ba ta karɓa. *Bag* tana karɓa, *luggage* ba ta karɓa. Shawarar da aka ba ka ita ce dai, ko da wace kalma aka kira ta. Abin da ya bambanta shi ne halin da harshe ya ɗora wa kowace kalma, kamar yadda Hausa ta ɗauki kujera mace ta ɗauki tebur namiji ba tare da wani dalili a jikin katakon ba.

A shekarar 2005 wasu masu bincike biyu, David Barner da Jesse Snedeker, suka gwada wannan a kan masu jin Turanci tun haihuwa, manya da yara. Sukan nuna hoto: wannan yana da abu ɗaya ƙato, wancan yana da ƙanana guda uku waɗanda ko an haɗa su ba su kai ƙaton ba, sai a tambaya wa ya fi yawa. In abin irin man goge baki ne, mutane sukan zaɓi ƙaton tuli. In kuwa kalmar irin *furniture* ce, sai su zaɓi mai guda uku, daidai yadda suke yi da takalma. Wato shi kansa Baturen ƙirgawa yake yi a zuciyarsa. Bakinsa ne kawai ba ya sa wa kalmar jam'i. To ina laifin yaron da ya ga abu yana ƙirguwa ya sa masa alamar ƙirga?

Sai kuma abin da ɗalibi ya taho da shi daga gida. Hausa tana da sunayen da ba a ƙirga su kai tsaye, shi ya sa muke cewa ƙwayar gero, mudun shinkafa, kwalbar manja. Amma ba ta sa shawara da bayani a wannan rukuni ba. Muna da shawarwari, bayanai, labarai, ayyuka. Muna ma iya jingina lamba ga tilo mu ce "shawara biyu zan ba ka", kamar yadda muke cewa mota uku ko shekara goma. Kalmar kaya ta fi kowace jan ɗalibi zuwa ramin. Ko ba a mayar da ita kayayyaki ba, jam'i muke yi mata a jimla: kaya sun iso, kayan ɗakin sun yi kyau, an kwashe su. Saboda haka in Bahaushe ya zo fassara tunaninsa, abin da yake hannunsa jam'i ne tun kafin ya taɓa kalmar Turancin. Wanda ya yi karatun Arabiyya yana da ma'alumat da nasa'ih a kunnensa, duka jam'i. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya fara da Faransanci kuwa an ja shi ta fuska biyu, don a can *informations* da *conseils* da *meubles* duk daidai ne, kuma ta farkon harafi da harafi take da ta Turanci.

Akwai kuma abin da Turancin kansa yake koya wa mai lura. Ɗalibi ya ga *nation* ta zama *nations*, *question* ta zama *questions*, *picture* ta zama *pictures*. Ba wata alama a jikin *information* ko *furniture* da za ta gargaɗe shi cewa su ba sa bin wannan hanya. Tarihi ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A ƙarni na 18 'yan kasuwa da jaridun Ingila suna amfani da *advices* da ma'anar labaran da suka iso daga nesa, kuma har yau a harshen shari'a *information* tana iya nufin takardar tuhuma, wadda ake ƙirgawa. Ita kuwa *furniture* daga Faransanci ta shigo da ma'anar tanadi ko wadata wuri da abin da yake bukata, kuma wannan asali yana taimakawa wajen gane dalilin da ya sa ta zama sunan tarin kayan gaba ɗaya maimakon guda ɗaya daga ciki.

Inda gyaranmu ya fi rauni shi ne muna farautar harafi ɗaya, alhali kuskuren yana da rassa a duk faɗin jimla. Ga jimlar da na sha ganin irinta a wasiƙar ɗalibai: *My uncle gave me many good advices and they were useful.* Malami mai sauri zai soke harafin ƙarshe na *advices* ya wuce. Abin da ya rage shi ne *many good advice*, wanda ya fi na farkon muni, don *many* ba ta zama sai da jam'i. Dole ta koma *a lot of* ko *some*. Sannan wakilin suna *they* ba shi da wanda yake wakilta kuma, sai ya koma *it*, aikatau *were* ya bi shi ya zama *was*. Jimlar da ta gyaru ita ce: *My uncle gave me a lot of good advice and it was useful.* Wuri huɗu aka taɓa. In kuma yaron yana son a san cewa abu biyu kawun nasa ya faɗa masa, sai ya yi abin da yake yi wa gero a Hausa, ya kawo ma'auni: *two pieces of advice*. Ko ya sauya kalmar baki ɗaya ya ce *two suggestions*.

Reshen da ya fi ɓuya shi ne na tilo. Ɗalibin da aka tsorata da jam'i yakan daina rubuta *advices*, amma ya ci gaba da rubuta *an advice* ko *an information*, yana ganin ya tsira. Bai tsira ba, domin *a* da *an* daga kalmar "ɗaya" suka samo asali, kuma wanda ya ce ɗaya ya fara ƙirga. Da wannan nake gane ko ɗalibi ya fahimci al'amarin ko haddace jerin kalmomi ya yi. Nakan ba shi kalmar da ba mu taɓa yi a aji ba, kamar *equipment*, in ce ya duba ƙamus ya gina jimla uku: ɗaya da tambayar yawa, ɗaya da lamba, ɗaya da wakilin suna. Ƙamusun masu koyo, irin wanda A. S. Hornby ya tsara wanda madaba'ar Oxford ta fitar a 1948, suna sa alamar U ga sunan da ba ya karɓar ƙirga, C ga wanda yake karɓa. Ɗalibai da yawa suna da ƙamusun a jaka ko a waya, amma ba a taɓa nuna musu abin da haruffan nan biyu suke nufi ba.

Sai dai a yi hattara da kalmar "har abada". Sunaye da dama fuska biyu gare su. *Paper* takarda ce a matsayin abin rubutu, ba ta ƙirguwa, amma *papers* jaridu ne ko takardun shaida. *Experience* gogewa ce, *experiences* abubuwan da suka faru da mutum. Malamin da ya ce "wannan kalma ba ta taɓa ɗaukar jam'i" ba tare da ya duba ba, wata rana ɗalibi zai kawo masa littafi ya nuna masa, daga nan yaron ya daina yarda da sauran abin da aka koya masa.

Wasu masana suna ganin bai kamata a ci gaba da kiran waɗannan jam'o'i kuskure ba. David Jowitt ya tattauna siffofin Turancin Nijeriya a littafinsa na 1991, kuma ana jin irin wannan jam'i a Gana da Kenya da Indiya, wurin mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba. Na yarda cewa wannan yana nuna abin yana da tsari, kuma ba na son a yi wa kowa dariya a kansa. Wanda ya ce *furnitures* an fahimce shi sarai. Amma mai duba takardar WAEC ko NECO zai rage masa maki, editan mujallar ilimi a waje zai mayar masa da rubutunsa, kuma ba masanin da ya kare shi ne zai ɗauki asarar ba. Don haka nake koyar da siffar da ake karɓa a rubutu, amma na daina cewa yara ba a iya ƙirga kujerun ɗakin amarya. Nakan ce musu ana ƙirga su, da *chair* da *table* da *bed*, ita kuwa *furniture* suna ne na tarin duka, kuma Turanci yana ɗaukar tarin a matsayin abu ɗaya.