Yadda Waya a Mallawa ke Iske Kwamfuta a Kano: Nazarin STUN da Huda Katanga

A ce ɗan kasuwar wake da riɗi yana Mallawa, kwamfutar lissafinsa kuwa tana shago a Dawanau, Kano. Ya saka Tailscale, ɗaya daga cikin manhajojin VPN masu haɗa na'ura da na'ura kai tsaye, a wayarsa da kwamfutar. Matsalar ita ce babu wadda ke da adireshin da za a iske ta da shi daga waje. Adireshin IPv4 ya yi ƙaranci, shi ya sa kamfanonin salula kan tara dubban masu layi a bayan adireshi kaɗan, kwamfutar shagon ma tana bayan rawuta. Wannan tsari shi ne NAT. Ƙa'idarsa kamar ta maigadi ce mai rubuta duk wanda ɗan gida ya aika wa saƙo: amsar wannan mutum kaɗai yake bari ta shigo.

Matakin farko shi ne kowace na'ura ta san yadda ake ganinta daga waje, kuma aikin STUN ke nan, wanda aka fara wallafa ƙa'idarsa a 2003 aka sabunta a 2008 da 2020. Wayar za ta aika ƙaramin saƙon UDP zuwa sabar STUN, galibi a ƙofa mai lamba 3478, sabar ta mayar mata da adireshi da ƙofar da ta ga saƙon ya fito, misali `203.0.113.7:52010`. Kwamfutar Kano ta yi haka, ta samu `198.51.100.20:41641`. STUN ba ya buɗe komai, labari kawai yake bayarwa. Sai sabar da ke tsara haɗin ta miƙa wa kowacce adireshin 'yar'uwarta.

Daga nan sai huda katanga. Su biyun za su fara aika wa juna saƙo kusan lokaci guda. Saƙon wayar na farko yana iya mutuwa a bakin rawutar Kano, domin ba a san shi ba. Amma fitarsa ta sa NAT ɗin kamfanin salula ya rubuta cewa wayar ta yi magana da adireshin Kano. Da saƙon kwamfutar ya iso, sai a ɗauke shi a matsayin amsa a bar shi ya wuce. Haka ma a ɗaya ɓangaren. Hanya ta buɗe, sai dai ba ta daɗewa in an yi shiru: wasu NAT na goge rubutun bayan daƙiƙa 30. Dalilin da ya sa masu WireGuard ke saka `PersistentKeepalive = 25` ke nan.

Duk dabarar ta rataya ne a kan zato guda: cewa ƙofar da sabar STUN ta gani ita ce za a yi amfani da ita wajen magana da Kano. Akwai NAT mai sauƙin hali da ke riƙe ƙofa ɗaya ko da wa ake magana. Akwai kuma mai tsauri, da ke ba da sabuwar ƙofa ga kowane sabon adireshi. A irinsa, 52010 ta sabar STUN ce kaɗai; saƙon da za a aika Kano zai fita ta wata lamba da ba wanda ya sani cikin ƙofofi 65,535.

In ɓangare ɗaya ne mai tsauri, akwai mafita ta hanyar canke. Mai tsaurin ya buɗe ƙofofi 256, ɗayan ya jefa saƙo kan lambobi barkatai: jifa 256 na ba da damar dacewa kusan kashi 64 cikin ɗari, jifa 1,024 kuwa kusan 98. In duka biyun masu tsauri ne, sai an canki lambobi biyu a tare, lissafin ya fi ƙarfin kowa. A nan manhajar ke komawa ga saba 'yar tsakani, wadda Tailscale ke kira DERP. Bayanan suna nan a kulle, amma suna iya zagayawa ta Faris ko Johannesburg, jinkiri ya ƙaru, sauri ya ragu.

Haɗin da ke aiki ba shaida ba ne cewa hudar ta yi nasara. A kwamfutar shago a buga:

```
tailscale netcheck
tailscale ping waya
```

In na farko ya nuna `MappingVariesByDestIP: true`, NAT ɗin wurin mai tsauri ne. In `UDP: false` ya fito, an toshe hanyar hudar gaba ɗaya. In na biyu ya tsaya a `via DERP` bai koma adireshi da ƙofa ba, ta 'yar tsakani ake bi.

Mai waya a Mallawa ba shi da iko a kan NAT ɗin kamfanin layinsa, don haka gyara a Kano yake. In rawutar shagon tana da adireshin waje nata na kanta, a tura ƙofar UDP 41641 zuwa kwamfutar. Ɓangare ɗaya da ake iya iskewa ya wadatar, komai tsaurin ɗayan.