Alamar Da Ta Rage Wa Mai Karatu Gudu

Duk Bahaushen da ya ga an rubuta "kuka" ba ya tsayawa tambayar ko bishiya ake nufi ko hawaye, domin jimlar da kalmar ta fito a ciki ta riga ta faɗa masa. A baki kuwa kalmomin biyu ba ɗaya ba ne: ta hawaye muryarta a sama take daga farko har ƙarshe, ta bishiya tana sauka a gaɓar ƙarshe. Masana suna kiran wannan hawa da saukar murya karin sauti. Rubutun boko na Hausa ya yi watsi da shi, ya yi watsi da tsawon wasali, kuma jaridu da littattafai suna tafiya lafiya lau. To amma idan aka zo ƙirƙirar rubutu ga harshen da bai taɓa hawa takarda ba, wannan magana ita ce ta fi raba kan masu aikin: a rubuta karin sauti ne, ko a bar shi a bakin masu harshe?

Kafin a kai nan akwai aikin da ya fi sauƙi. Ana tara 'yan asalin harshe, a tattara kalmomi, sau da yawa da wani jeri na kalmomi 1,700 da ƙungiyar SIL ta tsara don harsunan Afirka. Kowace kalma a kan 'yar takardarta. Sai a riƙa furtawa ana ware su kashi-kashi, ana neman kalmomi biyu da sauti ɗaya tak ya bambanta su, kamar "bari" da "ɓari" a Hausa. Inda aka sami irin wannan, an tabbatar sautukan biyu kowanne na buƙatar harafinsa. Baƙaƙe da wasula sukan daidaita ta haka. Idan aka zo kan karin sauti sai a koma fito: mutum ya furta kalma, ya busa ta da baki, a tara masu amo iri ɗaya wuri guda. Mutanen da ba su taɓa jin sunan karin sauti ba sukan ware kalmomin daidai cikin ɗan lokaci, saboda kunnensu ya san abin tun suna goye.

A Kamaru an yanke hukunci tun da wuri. A wani taro a 1979 aka amince da wani babban tsarin haruffa na harsunan ƙasar baki ɗaya, wanda Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka shirya, kuma ya tanadi alamomin karin sauti a bisa wasula. Hujjar tana da ƙarfi. Idan sauti yana bambanta ma'ana, barin shi tauye harshe ne. Tadadjeu kansa ɗan harshen Yemba ne, wanda ake yi a garin Dschang da kewayensa a yammacin ƙasar, kuma ya yi nazarin karin sautinsa tun a shekarun 1970. A rubutun Yemba, karin sama yana samun 'yar sanda mai karkata, na tsakiya yana samun sanda kwance, na ƙasa a bar shi haka nan. Ana rubuta muryar kamar yadda take fita a jimla.

A shekarun 1990 wani masanin harshe ɗan Ostireliya, Steven Bird, ya yi abin da ba a cika yi ba: ya gwada. Ya ba masu harshen, ƙwararru a rubutun da sababbin shiga, labarai iri biyu, wasu da alamomi wasu babu, suka karanta a bayyane ana auna lokaci ana lura da tuntuɓe. Sannan ya ba su rubutu tsirara ya ce su ɗora alamomin da kansu. Sakamakon da ya buga a 1999 bai yi wa tsarin daɗi ba. Alamomin sun rage saurin karatu, kuma ba su taimaka wajen warware kalmomi masu harshen damo ba, alhali don su aka sa su. Wajen rubutu, ƙwararru sun dace da kashi 83.5 cikin ɗari, sababbi kuwa kashi 53 kacal, wato ba su fi mai canki-canka da wani abin kirki ba.

Dalilin yana cikin halin harshen. A Hausa kalma takan riƙe karinta kusan duk inda ta shiga. A Yemba abin ba haka yake ba. Karin kalma yana sauyawa gwargwadon maƙwabciyarta, har akwai karin da ba shi da wasalin kansa, sai dai a gane shi ta yadda yake danne muryar gaɓar da ke biye. Saboda haka suna guda zai iya fitowa da alamomi iri kaza a shafi ɗaya, gwargwadon abin da ya gabace shi. Mai karatun da ya goge ba ya bin haruffa ɗaya bayan ɗaya, siffar kalma yake cafkewa gaba ɗaya, kamar yadda ake gane ɗan'uwa daga nesa. Idan siffar tana canzawa a kowane layi, dole ya koma haɗa baƙi. Marubuci kuma sai ya tsaya yana furta kowace jimla yana sauraren kansa kafin ya ɗiga alama, aikin da ko masanin da ya yi shekaru a kai yakan yi kuskure a cikinsa.

Kuskure ne a ɗauki wannan a ce alamar karin sauti ba ta da amfani ko'ina. Bird tsari guda ya gwada, a harshe guda. Yarbanci yana da kari uku da ba sa yawan motsi, kuma kalmominsa gajeru da kari kaɗai ya raba su suna da yawa, don haka alamomin suna da aikin yi. Harshen Dan na gabas, a Kwaddibuwa, yana da matakan murya har biyar, kuma an daɗe ana rubuta su da alamomin rubutu irin su karan ɗori a gaban kalma, kafin a koma ɗora su a kan wasula. Tambayar da ta kamaci kwamitin harshe ita ce nawa ne nauyin da karin yake ɗauka, kuma a ina.

Wurin da ya fi haɗari shi ne nahawu. Jimla takan raba bishiya da hawaye, amma idan kari kaɗai ya raba "ya tafi" da "zai tafi", ko tilo da jam'i, jimlar ba lallai ta ceci kowa ba, domin duka biyun suna iya zama daidai a wuri ɗaya. Shi ya sa masu aiki da dama yanzu suke bin hanyar tsakiya. Wasu suna ba kowace kalma siffa ɗaya tabbatacciya, su bar baki ya yi sauye-sauyensa. Wasu, kamar a wasu harsunan Kongo, suna sa alama ɗaya da ke nufin shuɗaɗɗen lokaci ko mai zuwa, ba tare da ta kwaikwayi murya ba.

Gane inda matsala take ba ya buƙatar na'ura. A ba mutum labarin da bai taɓa gani ba ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya kai ƙarshen jimla sannan ya dawo baya ya sake ta da wata murya, a ja layi. Idan mutane da yawa suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, rubutun ya ɓoye abin da ya kamata ya nuna. Idan kuma aka yi musu shifta aka ga kowa ya zubar da wata alama, ko ya ɗora ta inda ya ga dama, to alamar ta yi yawa. Saboda haka ake fitar da sabon tsari a matsayin na gwaji, a yi shekaru ana koyarwa da shi kafin a nemi amincewar hukuma, wadda a Najeriya ita ce NERDC.

Akwai kuma alƙalin da bai halarci taron 1979 ba, wato wayar hannu. Bahaushen da ke aika saƙo yakan jefar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ saboda gaggawa, haruffa uku ke nan kacal. Harshen da aka ɗora wa alama a kusan kowace kalma, kwamitinsa sai ya tanadi allon bugawa na waya tare da littafin koyon karatu na farko, in ba haka ba matasa za su rubuta shi tsirara, da haruffan Faransanci ko na Ingilishi da suka saba da su a makaranta.