Jigon rubutu da kan sakin layi: sharhi a kan wata hanyar koyarwa

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram cikin shekarar 1973, masu tsara darussa sun fi mai da hankali ga ƙa'idojin rubutu da ƙirƙiro kalmomi. Batun ginin insha'i kuwa, an bar shi ga dabarar kowane malami. Wannan sharhi ya shafi wata takardar darasi da muka samu a hannun masu koyar da manyan ɗalibai, inda aka kira abubuwa ukku da suna guda, wato jigo: batun da aka ba ɗalibi, da matsayin da ya ɗauka a kansa, da jimlar da ke buɗe kowane sakin layi. A ganinmu, wannan haɗi shi ne tushen ruɗanin da a ke gani cikin rubuce-rubucen ɗalibai.

Ya kamata a ware sunaye. Batu shi ne abin da a ke magana a kai. Jigo shi ne jimla guda mai ɗauke da hukuncin marubuci, wadda dukan rubutun ke karewa. Kan sakin layi kuwa hujja guda ce daga cikin masu tallafar jigon, kuma ikonta ba ya wuce sakin layinta.

Takardar ba ta lura ba cewa kowane harshe yana jan ɗalibi zuwa nasa kuskure. Insha'in Faransanci da a ke koyarwa a lise yakan buɗe da tambaya, ya sanar da sassan da za a bi, ya kawo ra'ayi da kishiyarsa, sa'an nan ya jinkirta hukunci sai wajen ƙarshe. Ɗalibin da ya saba da haka, in an ce ya kawo jigo, sai ya rubuta: «Za mu duba amfanin cin rani, sa'an nan mu duba illarsa.» Wannan sanarwa ce, babu hukunci cikinta. Hausa kuma tana da ginin jimla mai gabatar da abin magana da ƴan kalmomi irin su dai, kam, kuwa. Ɗalibi ya kan buɗe sakin layi da «Batun kuɗi kuwa, akwai magana», yana zaton ya aza kai, alhali suna kawai ya ambata.

Bari mu ɗauki batun cin rani mu gina shi. Jigo: «Cin rani ya fi raunana noman hatsi bisa ga taimakonsa.» Kan sakin layi na farko: «Majiya ƙarfi da yawa ba su dawowa sai shuka ta wuce.» Na biyu: «Kuɗin da a ke kawowa sun fi tafiya ga biki da biyan bashi, ba ga taki ba.» Ko mai karatu ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, ginin ya tsaya.

Malami yana iya auna aikin ɗalibi da gwaji biyu. Na farko gwajin musu: shin mai hankali yana iya cewa a'a? Ba a musun «za mu duba», saboda haka ba jigo ba ne. Na biyu gwajin domin: a karanta jigo, a sa kalmar domin, a biyo da kan sakin layi. «Cin rani ya fi raunana noman hatsi, domin majiya ƙarfi ba su dawowa sai shuka ta wuce.» Magana ta zauna. In aka juya su, aka ce ba su dawowa domin cin rani ya raunana noma, ma'ana ta kauce. Nan ɗalibi ke ji da kunnensa wace jimla ke ɗauke da wace. In kuwa gwajin ya ba da maimaici, hukunci guda gaba da bayan domin, to ɗalibi ya sake faɗin jigonsa ne da wasu kalmomi, bai kawo hujja ba.

Gwajin yana da iyaka. Sakin layin da ke amsa wa abokin musu gaskiyarsa, kamar «Tafiyar samari tana rage masu ci daga rumbu», ba ya karɓar domin. Ko da ya ke ce ta dace da shi. Haka nan labari da siffantawa ba su bukatar jigon da a ke musu.

Shawararmu ga masu tsara littattafai ita ce a fara wannan darasi da Hausa, inda kunnen ɗalibi ke rarrabe domin da ko da ya ke ba tare da wahala ba. Bayan haka a nemi ya rubuta jigonsa a takardar gwaji kafin ya shiga insha'in Faransanci, ko da tsarin zai sa ya ɓoye shi har ƙarshe. Wurin da a ke ajiye jigo ya bambanta tsakanin al'adun rubutu biyun, aikinsa kuwa ɗaya ne.