A Kare Dabarar Dunƙulewa ta Cauchy

Wasu malaman lissafi sun ɗauki dabarar dunƙulewa ta Cauchy tamkar tsohon kayan gado: a nuna wa ɗalibi sau ɗaya, a mayar cikin adaka. Hujjarsu ita ce gwajin intigiral ya wadatar. Ban yarda ba, musamman idan logaridim ya zauna a ƙasan layi.

Tarihin ba shi da tsawo. A ƙarni na 14 Nicole Oresme ya nuna cewa jimlar 1 + 1/2 + 1/3 + ... ba ta da iyaka, ta hanyar kasa lambobin kashi-kashi, kowane kashi bai gaza rabi ba. A 1821 Cauchy ya mayar da wannan wayon ƙa'ida. Idan lambobin jerin ba sa ƙasa da sifiri, kuma kowace ba ta fi wadda ta gabace ta girma ba, to Σ a(n) da Σ 2^k·a(2^k) makomarsu ɗaya: ko duka su tsaya a iyaka, ko duka su zarce.

Dalilin a fili yake. Ɗauki kashin da ya fara daga n = 8 zuwa 15. Lambobi takwas ne, a(8) ce babbarsu, don haka jimlarsu ba ta wuce 8·a(8) ba. Kuma babu wadda ta gaza a(16), don haka jimlar ba ta gaza 8·a(16) ba, wato rabin 16·a(16). An matse kashin sama da ƙasa ke nan, haka ma kowane kashi.

To, ga Σ 1/(n·ln n), daga n = 2. Wannan jerin mayaudari ne. Tara lambobi miliyan ɗaya na farko, za ka samu kusan 3.42. Kai shi biliyan ɗaya, da ƙyar ya taɓa 3.83. Duk mai kallon allon kwamfuta zai rantse cewa ya kusa tsayawa. Gwajin raba lamba da ta bayanta kuwa 1 yake bayarwa, ya yi gum da bakinsa. Amma sa 2^k a gurbin n ka gani. Tunda ln(2^k) = k·ln 2,

2^k · 1/(2^k · k·ln 2) = 1/(k·ln 2)

2^k na sama ya cinye na ƙasa. Abin da ya rage jerin Oresme ne, an dai ninka shi da 1/ln 2, saboda haka ya zarce. Tafiyar hawainiya yake yi, amma ba ya zama. Da wannan misalin ne Abel, a 1828, ya rushe iƙirarin Louis Olivier cewa muddin n·a(n) na gangarawa zuwa sifiri, jerin zai tsaya.

Yanzu ɗora 2 a kan logaridim ɗin: Σ 1/(n·(ln n)²). Dunƙulewa ta ba da 1/(k²·(ln 2)²), shi kuwa Σ 1/k² kowa ya san yana da iyaka. Wannan ya tsaya, a kusan 2.11. A miliyan ɗaya jimlarsa wajen 2.04 ce, tana jan ƙafa kamar ta farkon. Ido ba zai bambance su ba, layi ɗaya na lissafi ya bambance. Ga kowane p ma haka ne: Σ 1/(n·(ln n)^p) yana tsayawa ne kawai idan p ya haura 1.

Dabarar tana da sharaɗi, kuma a nan ɗalibai ke faɗawa rami. Dole lambobin su riƙa sauka, ko da daga wani wuri ne zuwa gaba. Ɗauki a(n) = 1/n², sai dai a 2, 4, 8, 16 da sauransu a sa 1/n. Jerin ya tsaya, don ƙarin bai wuce 1/2 + 1/4 + 1/8 + ... = 1 ba. Dunƙulallen kuwa 1 + 1 + 1 + ... ne. Ya ɗauki tsirarun da suka yi tsalle ya mai da su wakilan kashinsu. A kula kuma da mafari: a fara da k = 1, don k = 0 zai kawo ln 1, a wayi gari ana raba lamba da sifiri.

Masu intigiral za su ce ai sauyin u = ln x amsa ɗaya yake bayarwa. Gaskiya ne, har ma ya fi iya kimanta ragowar jimla. Sai dai sharaɗin saukar nan bai bar shi ba shi ma, ga shi sai ka nemo intigiral ɗin tukuna. Kuma ɗalibi kan yi sauyin ne da ka, bai ga abin da ya faru ba. Ni a wurina logaridim, in aka cire ln 2, ƙidaya ce ta sau nawa aka ninka biyu kafin a kai n, dunƙulewa kuwa tana bin jerin da wannan takun. Shi ya sa kowace dunƙulewa ke ɓare logaridim ɗaya kamar ɓawon albasa. Gwada Σ 1/(n·ln n·ln ln n), daga n = 3. Karon farko zai ba ka 1/(k·ln 2·ln(k·ln 2)), wanda makomarsa ɗaya da 1/(k·ln k). Karo na biyu kuwa mun riga mun yi shi a sama, ya sauke mu a ƙofar Oresme.