Nazari Kan Jimlolin da Ba Su Karɓar Tawili a Wasan Kakuro

Wasan kakuro, wanda mujallun Dell na Amurka suka fara bugawa kafin kamfanin Nikoli ya yaɗa shi a Japan, yana tsaye ne bisa sharuɗɗa biyu: a cika kowane layi da alƙaluma daga 1 zuwa 9 har su ba da jimlar da aka rubuta a kansa, kuma kada alƙalami ɗaya ya maimaitu a layin. Daga wannan sharaɗi na biyu ne hikimar wasan ta samo asali, domin shi ya sa wasu jimloli ba su da fuska sai ɗaya tak.

Idan layi mai gida biyu ya nemi 4, tun da an hana 2 da 2, babu makawa sai 1 da 3. Haka 16 ba ta samuwa sai da 7 da 9, saboda 8 ba ta zuwa sau biyu. Sauran su ne 3, wato 1 da 2, da kuma 17, wato 8 da 9. A gida uku kuwa ana haddace 6, 7, 23 da 24, a gida huɗu 10, 11, 29 da 30. Mai lura zai ga dukkansu sun taru a gefuna, biyu mafi ƙanƙanta da biyu mafi girma, alhali 15 a gida uku tana da fuskoki takwas, don haka mai hankali yakan jinkirta ta.

Fa'idar haddar tana bayyana ne a mahaɗa. A ƙaddara layin kwance mai gida biyu yana neman 16, gidansa na farko kuma yana cikin layin tsaye mai gida uku da ke neman 23, wanda ba ya samuwa sai da 6, 8 da 9. Da yake 9 kaɗai suka yi tarayya a kanta, ita za ta zauna a mahaɗar bisa yaƙini. Maƙwabcinta ya zama 7, sauran gidaje biyu na tsaye kuma suka rage wa 6 da 8. To, in aka tarar wannan 7 ta faɗa layin tsaye mai gida biyu da ke neman 17, hujja ta tabbata cewa an yi kuskure, kuma galibi wajen ƙirga gidaje ne, domin 16 a gida biyar ma fuska ɗaya gare ta, amma 1, 2, 3, 4 da 6 ce.

A ganina abin da ya fi cancantar a riƙe shi ne 45, jimlar alƙaluman tara baki ɗaya. Layi mai gida takwas da ke neman 38 ya rasa 7 ke nan, kuma wanda ya san 4 a gida biyu ya riga ya san 41 a gida bakwai, domin ita ce duk abin da ya saura bayan an cire 1 da 3. Sai dai jerin yana faɗin alƙaluman da za su shiga ne kawai. Tartibin zamansu kuwa sai layukan da suka ratsa su sun yanke hukunci.