Ina Wance Ta Shiga? Nazarin Makomar Taurarin Littafi Idan An Mayar Da Shi Fim

Har zuwa 1991 Birnin Kudu da Gwaram a cikin Jihar Kano suke, kuma ko bayan an ƙirƙiro Jigawa, ta hanyar Wudil littattafan hikaya da kasakasan bidiyo suka ci gaba da iso musu daga kasuwannin Kano. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami mai kallo a waɗannan garuruwa wanda ya riga ya karanta labarin kafin ya gan shi a akwatin talabijin. Irin wannan mai kallo ba ya zama hannu rabbana. Yana ƙirga mutane. Da an tashi sai ka ji yana cewa: ina ƙanwar mijin nan ta shiga? Me ya sa aminai biyu suka koma ɗaya? Wa ya ba su izinin sauya wa yarinyar suna?

Tambayoyin suna kan hanya, amma amsar da aka saba bayarwa, wai 'yan fim sun ɓata littafi, ba ta wadatar ba. Abin da nake gani shi ne: marubuci yana kallon tauraro a matsayin mutum, mai tsara fim kuwa yana kallonsa a matsayin aiki. Tambayarsa kullum ita ce, wane aiki wannan yake yi wa labarin, kuma akwai wanda zai iya ɗaukar aikin idan babu shi? Wanda ya gane wannan zai iya bambance yankan gwaninta da yankan ɓarna.

Mu fara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo da aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya shirya fim ɗinsa a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Littafin ɗan ƙarami ne, amma fim ɗin ya haura awa biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da alƙalami ke gamawa a layi uku, na'urar ɗaukar hoto sai ta ci mintuna kafin ta nuna shi. Marubuci zai ce ayari ya ratsa Sahara, ya wuce abinsa. Mai fim sai ya nemo raƙuma da mutane da rairayi.

A littafin, Shaihu Umar ne ke ba almajiransa tarihinsa a Rauta. Daga bakinsa muke jin yadda fadawa suka yi wa mijin mahaifiyarsa, Makau, ƙulli har aka kore shi daga gari, yadda aka sace shi yana yaro, yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗa ya ba shi ilimi, da yadda uwarsa ta bazama nemansa har aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa. Fim ɗin ya riƙe wannan ginshiƙi: malami da almajirai a farko, sai labari ya koma baya. Ya riƙe Abdulkarim, domin babu wanda zai iya ɗaukar aikinsa. In ka cire shi, babu hanyar da bawa zai zama shaihi.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne batun uwar. A littafi ɗanta ne mai magana, kuma ɗan Bahaushe mai kunya ba ya kama sunan mahaifiyarsa, da matsayinta yake ambatonta. Mai karatu bai rasa komai ba, domin ta idon ɗan yake ganinta. Amma da zarar an ɗora ta a dandamali, ta fita daga bakin ɗanta ta tsaya da ƙafafunta. Miji zai yi mata magana, maƙwabta za su kira ta, mai sayen bayi zai tambayi ko wace ce. Dole a sami abin kiranta. Shi ya sa a wasan kwaikwayon take ɗauke da suna, Fatima. Wannan ba shisshigi ba ne. Sauyin mai ba da labari ne ya haifar da shi, kuma duk littafin da aka rubuta da bakin tauraro zai gamu da irin wannan larura.

Sai kuma taron jama'a. Fadawan da suka ƙulla wa Makau sharri, a takarda kalma ɗaya ta ishe su. A fim kuwa taro ba ya magana da murya ɗaya. Dole mai tsarawa ya zaɓi fuska ɗaya ko biyu ya ɗora musu hassadar duka, sauran su zama 'yan cika fada masu gyaɗa kai. Wannan shi ne asalin haɗe taurari. Mai karatu in ya manta wani sai ya koma shafin baya. Mai kallo ba shi da wannan dama, fuskar da bai riƙe ba ta wuce ke nan. Don haka idan mutum uku suna aiki iri ɗaya, misali masu zuga ko masu ba da shawara, ana narkar da su cikin mutum ɗaya da za a gani sau biyar, maimakon uku da kowannensu za a gani sau ɗaya a manta.

Bayan wannan akwai lissafin aljihu. Masu rubutun fim suna da ƙiyasin cewa shafi ɗaya yana cin kamar minti ɗaya, ke nan fim na awa biyu bai wuce shafi 120 ba, kuma a finafinan Kano waƙa da rawa sukan cinye wani kaso daga ciki. Kowane tauraro mai magana yana nufin sallama, abinci, sutura da kuɗin mota. Sau da yawa kuma yana zuwa da gidansa: in ka bar gwaggo a labarin, sai ka nemo mata tsakar gida, ka kwashi ma'aikata da fitilu da janareta zuwa can. Ga kuma 'yan kasuwa da suka daɗe suna duba fuskar da ke kan fosta kafin su karɓi kaya. Idan furodusa ya biya fitaccen jarumi, ba zai so ya gan shi a fitowa huɗu kacal ba, sai a kwaso maganganun wasu a ƙara masa.

To, a ina iyaka take? Mu auna da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990 aka kuma yi fim ɗinsa a 1998. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara, ta koma sayar da abinci tana riƙon su. A ce yau aka miƙa maka littafin ka tsara. Rabi da Alhaji Abdu da Delu ba sa taɓuwa. Saudatu, babbar 'yar, ita ma haka, domin aurenta da Alhaji Abubakar ne ya ɗaga gidan a daidai lokacin da gobara ta durƙusar da uban. 'Yan'uwa da dattawan da ke shiga tsakani kuwa ana iya rage su, tunda aikinsu ɗaya ne: jan kunne da neman sulhu.

Jarabawar tana wajen yaran. Yara tara a wurin ɗaukar fim wahala ce, kuma yawancinsu ba su da wata doguwar magana. Mai son sauƙi zai mayar da su uku. An taɓa yin irin haka a Amurka: a littafin Gone with the Wind jarumar tana da 'ya'ya uku, fim ɗin 1939 ya bar mata ɗaya, labarin soyayyar bai girgiza ba. Amma a wajen Rabi adadin shi ne hujjar. Baki tara da za a ciyar, kuɗin makaranta, kuɗin haya, su ne ma'aunin zaluncin mijin da jarumtar matar. In ka mayar da su uku ka rage wa Alhaji Abdu laifi ba tare da ka yi niyya ba. Mafita ita ce a bar taran a gani da ido, suna zagaye da kwano, a ba biyu ko uku magana. An rage baki, ba a rage nauyi ba.

Sauya suna ma yana da dalilansa. Sunayen da ido ke bambancewa a takarda, kamar Habiba da Habibu ko Salma da Salima, kunne yakan gauraya su, musamman a gidan kallo mai hayaniya. Wani sunan kuma ya yi kama da na sanannen mutum ko wata sarauta, sai a kauce don gudun rigima, balle tun da aka kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001 kowa ya ƙara taka-tsantsan. Sannan suna a fim jari ne, yakan bi ɗan wasa har gida. Marigayiya Hauwa Ali Dodo da sunan Biba aka fi saninta, daga fim ɗin Ki Yarda Da Ni da aka ciro daga littafin Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Furodusan da ya ga haka dole ya so suna gajere mai kama baki.

Sai dai wani sunan shi ne saƙon littafin. Masu kallon finafinan Indiya sun san Slumdog Millionaire na 2008, wanda aka ciro daga littafin Q & A na Vikas Swarup. A fim ɗin an cire lauyar da yaron ke ba labarinsa, aka miƙa aikin saurare ga sufeton 'yan sanda da ke tuhumarsa. Wannan haɗi ya yi kyau: mai tambaya da mai saurare sun zama mutum ɗaya a ɗaki ɗaya. An mayar da abokinsa Salim yayansa, abin da ya ƙara wa saɓaninsu zafi. Amma sunan yaron a littafi Ram Mohammad Thomas ne, maraya mai ɗauke da sunayen addinai uku, wanda kowane ɓangare na ƙasar zai iya cewa nasa ne. Da aka mayar da shi Jamal Malik an sami sauƙin kira, amma waccan manufa ta tafi, kuma ba a ɗora wa kowa ita ba.

Ga yadda ake gane yankan ɓarna. Za ka ga jaruma ta san wani sirri, alhali an cire wanda ya gaya mata. Za ka ga mutum ɗaya yau mai tausayi gobe mugu ba dalili, saboda an cusa halayen mutum biyu masu saɓani a riga ɗaya. Ko ka ga an kai ƙarshe, miji ya yi nadama, amma babu wanda ya taɓa ja masa kunne a hanya. Duk inda ka ga haka, an cire mutum an manta da aikinsa.

Saboda haka marubucin da zai sayar da littafinsa, ya zauna da mai tsarawa su jera taurari a takarda, a rubuta aikin kowa a gaban sunansa. Duk wanda za a goge, a nuna wanda ya gaji aikinsa. Wanda aka rasa masa magaji, a bar shi ko da kasafin zai ji jiki, domin shi ne dalilin da ya sa aka sayi littafin tun farko.