Gaisuwa da Kwatance a Tashar Mota

Masu cewa gaisuwar Bahaushe ɓata lokaci ce a wurin gaggawa irin tasha ba su taɓa sauka a garin da ba su san kowa ba. Tun zamanin fatake, ayari na isa zango sai an yi masa maraba kafin a tambayi inda ya dosa. Mota ta maye gurbin jaki, amma baƙo yana nan yadda aka san shi, ko da ido makaho ne.

Mu ɗauki dattijon da motar Kaduna ta sauke a Unguwa Uku, a Kano, yana neman motar Haɗeja. Ya rungume jaka yana waige-waige, 'yan kamasho sun yi masa caa, kowa na kiran garinsa. Gwanin kwatance ba ya shiga wannan rububin. Yakan tsaya ɗan nesa, ta gefe, inda dattijon zai ga hannuwansa, ya yi sallama. In an amsa, sai ya ce, "Baba, sannu da hanya." Gaisuwar ba ta neman komai a wurin baƙo, don haka yana iya amsawa ya wuce ba tare da jin nauyi ba. In ya tsaya, to ya ba da ƙofa, sai tambaya ɗaya: "Ina za a je?" Daga ina yake, wurin wa zai je, me ke cikin jakar, duk ba ruwan mai kwatance. Ɗan damfara ne ke farawa da su, kuma baƙon ya sani.

Kwatancen ma a taƙaice yake: "Baba, tashar Yankaba za ka nema. Ka fita bakin titi ka tari Adaidaita Sahu, ka ce Yankaba, ta Hotoro za a bi. Ku yi ciniki kafin ka hau." Sunan wuri ɗaya, abin hawa ɗaya, alama ɗaya ta hanya. Mai lissafo shataletale biyar iya gari yake nunawa, gajiyayye kuwa na farkon kaɗai zai riƙe. In dattijon ya maimaita "Yankaba" da bakinsa, kwatance ya shiga. In kai kawai ya gyaɗa, a sake faɗa masa a hankali.

Wasu na ganin cikar karamci shi ne a karɓi jaka a yi rakiya. A ƙofar gida haka ne. A tasha, hannun da ya kai ga jaka kafin izini tsoro yake sawa, musamman ga mace mai goyo, wadda gara a haɗa ta da wata mace mai sayar da abinci.

Ni a wurina gwanintar duk tana wajen rabuwa: a ce "Allah ya kiyaye hanya", a juya, ba jiran tukuici. Wannan kara ce, kuma ita ta raba mai taimako da ɗan kamasho.